Yadda ake sauya tushen log domin ƙaramar kalkuleta ta fitar da amsa

Ina koyar da lissafi a wani ajin yamma a Tudun Wada, nan Kaduna, ga yaran da ke shirin WAEC da NECO. Duk shekara, idan muka iso babin log, sai an sami wanda zai ɗaga kalkuletarsa sama ya ce ba ta da kyau. Bana wata ɗaliba ce. Na rubuta log₂ 50 a allo, ta duba maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Malam, tawa ba ta da wurin saka 2 ɗin nan na ƙasa. Sai dai in ce wa Baba ya canza mini."

Na karɓa na duba. Casio fx-82MS ce, ta yayanta, rubutun wasu maɓallan har ya fara gogewa. Lafiyarta ƙalau. Gaskiya ne ba ta da maɓallin da ake cusa tushe a ciki irin na fx-991ES, amma tana da `log` tana da `ln`, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa a fitar da log na kowane tushe. Abin da na nuna mata ranar shi zan shimfiɗa a nan, da wuraren da na ga yara suna tuntuɓe.

Fara da sanin abin da ake tambayarka

Ƙaramar lambar nan da ake rubutawa a gindin log ita ce tushe, wadda yara a aji suke kira bes. Idan aka rubuta log₂ 50, tambayar ita ce: 2 nawa za a jera a ninka su da juna kafin a sami 50? Wato wace fawa za a ɗora wa 2 ta zama 50?

Kafin ka taɓa kalkuleta, yi wannan da ka. Fara daga 2 kana ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64. Ta biyar ita ce 32, ta shida 64. Hamsin tana tsakaninsu, saboda haka amsar tana tsakanin 5 da 6. Rubuta wannan a gefen takarda. Ni ban yarda ɗalibi ya tsallake wannan matakin ba, domin shi ne zai kama kusan duk kuskuren da za mu gani nan gaba, kuma bai cin ko rabin minti.

Ita kuwa kalkuleta tushe biyu kawai ta sani. Maɓallin `log` na tushe 10 ne. Danna log na 100 za ka ga 2, domin 10 sau 10 ɗari ne. Maɓallin `ln` na tushen e ne, wata lamba da ta kai kusan 2.718. Tushe 10 ɗin nan gado ne daga Henry Briggs, wanda ya tsara teburansa bayan John Napier ya fito da log a 1614, kuma shi ne dai tushen da ke cikin littafin fo-figa da muke riƙewa har yau. Aikinmu shi ne mu mai da tambayar tushe 2 ta koma yaren da kalkuleta take ji.

Ƙa'idar, da inda ta fito

Ga ta:

```
log_b x = log x ÷ log b
```

Log na lambar a sama, log na tushen a ƙasa. Ana iya haddace ta haka, amma wanda ya haddace kawai shi ne ke juya ta a ɗakin jarrabawa idan gabansa ya faɗi. Gara ka ga yadda aka gina ta, layi huɗu ne kacal.

Kira amsar da muke nema y. Cewa y ita ce log₂ 50 daidai yake da cewa 2 mai fawa y ta ba da 50. To, tunda ɓangarorin biyu abu ɗaya ne, log ɗinsu na tushe 10 ma ɗaya ne. Akwai kuma dokar da kowa ya riga ya koya, cewa fawa tana saukowa gaban log ta zama abin ninkawa. Sai ya kasance:

```
2^y = 50
log(2^y) = log 50
y × log 2 = log 50
y = log 50 ÷ log 2
```

Dubi layi na uku da kyau. Log 2 ita ke manne da y, don haka ita za a raba da ita a kuɓutar da y. Dalilin da ya sa tushe yake komawa ƙasa ke nan. Ba ƙa'idar da aka saukar daga sama ba ce.

Akwai wata hanyar ganin abin da na fi so in nuna wa yara. A ce an ba ka wani dogon yadi, an ce gyale nawa zai fitar, kuma ba ka da komai sai tef ɗin tela. Za ka auna yadin, ka auna tsawon gyale ɗaya, ka raba. Da inci ka auna ko da santimita, yawan gyalen bai canzawa, muddin da abu ɗaya ka auna duka biyun. Haka yake a nan. Log 50 ita ce tsawon yadin, log 2 tsawon gyale ɗaya, tushe 10 ko tushen e kuma su ne inci da santimita.

Danna shi

Log na 50 zai ba ka 1.69897. Log na 2 zai ba ka 0.30103. Ka raba na farko da na biyu, sai ka sami 5.643856. Yana tsakanin 5 da 6 kamar yadda muka rubuta a gefe.

Gwada da `ln` ka ga ido da ido. Na 50 shi ne 3.912023, na 2 kuma 0.693147. Lambobin ba su yi kama da na farko ba ko kaɗan, amma da ka raba, 5.643856 ɗin dai za ta dawo. Ɗalibar nan sai da ta maimaita sau biyu kafin ta yarda.

Yadda ake dannawa ya danganta da irin kalkuletar da ke hannunka, kuma nan ne ake yawan rikicewa idan yara suna kwaikwayon na kusa da su. Ga gwaji mai sauƙi. Rubuta 100, sannan ka danna `log`. Idan 2 ta fito nan take, kalkuletarka irin wadda ake fara rubuta lamba ce kafin a danna log. A irinta haka za ka bi:

```
50  log  ÷  2  log  =
```

Idan kuwa kalmar log ce ta bayyana a fuskar kalkuletar tana jiran lamba, to taka mai rubuta lissafi a layi ce, sai ka share ka bi haka:

```
log ( 50 ) ÷ log ( 2 ) =
```

Rufe bakan nan bayan 50 ba ado ba ne. Wasu kalkuletocin, da ka danna `log`, su da kansu suke buɗe baka. Idan ba ka rufe ba ka wuce ka danna alamar rabawa, kalkuleta za ta ɗauka duk abin da ya biyo baya yana cikin log na farko. Sai ta raba 50 da 0.30103, ta sami kusan 166.1, ta ɗauki log ɗinsa, ta miƙo maka 2.2204. Ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna alamar kuskure ba. Wanda bai rubuta "tsakanin 5 da 6" a gefe ba zai kwafe 2.2204 ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.

Mataki na ƙarshe shi ne tabbatarwa. Mai da amsar inda ta fito: ɗora ta a kan 2 a matsayin fawa. Idan akwai maɓallin `Ans`, wanda ke riƙe amsar da ta gabata, danna wannan:

```
2 ^ Ans =
```

Hamsin za ta fito. Idan ka rubuta 5.6439 da hannu maimakon `Ans`, za ka ga wani abu kamar 50.0015, kuma wannan ba matsala ba ce, ɗan ragowar taƙaitawa ne.

Kowane kuskure da irin amsar da yake haifarwa

Shekarun da na yi ina duba littattafan yara sun sa daga amsa kawai nakan gane abin da hannu ya yi. Idan na ga 0.177, an juya ne, an sa log 2 a sama. Wannan lambar ba banza ba ce, ita ce log na 2 a tushe 50, amsar wata tambayar ce daban. Idan na ga 2.451, an danna `log` a sama da `ln` a ƙasa, an auna yadi da inci an auna gyale da santimita.

Wanda ya fi yawa, ya fi kuma damuna, shi ne 1.398. Wannan daga ruɗa dokoki biyu yake fitowa. Yaro ya koyi cewa log na lamba da aka raba da wata daidai yake da log na farko a debe log na biyu. Dokar gaskiya ce. Amma tana magana ne a kan rabawa a cikin log, kamar log na 50 bisa 2, wanda shi ne log 25. Abin da muke yi a nan kuwa raba log guda da wani log ne, bayan kowanne ya riga ya zama lamba. Log 50 a raba da log 2 ba shi da wata gajeriyar hanya ta debewa. Rabawa ce irin ta firamare, 1.69897 a raba da 0.30103, shi ke nan. Duk wanda ya sami 1.398 sai in ce ya ɗora ta a kan 2 ya gani. Ko 3 ba za ta kai ba, balle 50.

Inda taƙaita lamba da wuri yake canza magana

Log₂ 50 tambayar jarrabawa ce. Ga wata da mutum zai iya cin karo da ita a waje. A ce wani yana hayar shago a Kasuwar Barci a kan naira 200,000 a shekara, kuma yarjejeniyarsu da mai shago ita ce duk shekara za a ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan kuɗin shekarar da ta wuce. Bayan ƙari nawa haya za ta ninka ta kai 400,000?

Ƙarin kashi 15 yana nufin a ninka da 1.15. Muna neman sau nawa za a ninka da 1.15 kafin a sami ninki 2. Wato log na 2 ne a tushe 1.15. Babu kalkuletar da ke da maɓallin wannan tushen, kuma ba ma buƙata:

```
log ( 2 ) ÷ log ( 1.15 ) =
```

Log 2 shi ne 0.30103, log 1.15 kuma 0.060698. Amsa 4.96. Tunda ƙarin sau ɗaya ake yin sa a shekara, ma'anar ita ce ƙari na huɗu bai kai ba, na biyar ya ɗan haura. Duba da ninkawa kai tsaye: bayan ƙari huɗu haya tana 349,801, bayan na biyar tana 402,271.

Yanzu ka ɗauka wani ya ga 0.060698 ya ce ai 0.06 ne, ya rubuta haka a takarda, sannan ya raba. Zai sami 5.02. Tazarar kamar ba komai, amma ta tsallake 5, sai ya ce ƙari na biyar bai isa ba, sai na shida. Ya yi kuskuren shekara guda cur saboda ya yar da lambobi huɗu na ƙarshe.

Dalilin shi ne idan tushe ya yi kusa da 1, log ɗinsa ƙanƙani ne, kuma shi ake rabawa da shi. Ɗan abin da aka gutsure daga ƙaramar lamba babban kaso ne na jikinta. Daga 0.060698 zuwa 0.06 an yar da sama da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma wannan kason kai tsaye yake shiga amsa. Saboda haka ka bar kalkuleta ta riƙe lambobinta har ƙarshe, ka taƙaita sau ɗaya tak, a kan amsar ƙarshe. Idan dole sai ka rubuta matakai domin mai maki ya gani, rubuta da lambobi huɗu ko biyar masu ma'ana, ban da sifilin da ke gaba.

Idan lambar ba ta kai 1 ba

Ɗauki log₃ 0.2. Kimantawa tukuna: 1 bisa 3 shi ne kusan 0.333, wato fawa −1, sannan 1 bisa 9 kusan 0.111, fawa −2. Tunda 0.2 tana tsakaninsu, amsar tana tsakanin −1 da −2. Kalkuleta za ta ba da −0.69897 ga log 0.2, da 0.47712 ga log 3. Ka raba, ka sami −1.465. Alamar mainos ɗin daidai take, kada ka goge ta.

Masu aiki da fo-figa su ne ke faɗawa rami a nan. A tsarin tebur, log 0.2 ana rubuta shi da 1 mai sanda a ka, sannan .3010. Sandar tana kan 1 ne kaɗai. Ma'anarsa −1 a haɗa da 0.3010, wanda ya ba da −0.6990. Wanda ya karanta shi a matsayin −1.3010 ya raba da 0.4771 zai sami −2.727, wadda ta fita daga iyakar da muka shata. Kafin ka raba, warware sandar nan ta koma lamba ɗaya.

Akwai kuma inda ƙa'idar ba ta da abin cewa. Sifili da lambobin da ke ƙasa da shi ba su da log a wannan lissafin, ko a matsayin lamba ko a matsayin tushe. Tushe 1 ma bai yiwuwa, domin log 1 sifili ne, ba a kuwa rabawa da sifili. Dalilin a fili yake: ko sau dubu ka ninka 1 da kanta, 1 za ta zauna, ba za ta taɓa zama 50 ba. Idan ka ga `Math ERROR`, koma ka duba tambayar da abin da ka danna.

Kalkuletar 'yan kasuwa, wadda ba ta da log sam

Ranar da muka yi wannan darasin, wani yaro daga Rigasa ya zaro tasa daga jaka, irin mai manyan maɓallan nan da ake gani a teburin masu sayar da hatsi. Babu `log`, babu `ln`. Ya ce, "Malam, ni fa tawa ta shagon Kawu ce."

Hanya ta farko gare shi ita ce ya haɗa ta da fo-figa. Tebur zai ba shi 1.6990 da 0.3010, kalkuleta ta yi rabawar, ya sami 5.6445. Ya ɗan sha bamban da 5.6439 a wuri na uku bayan ɗigo, domin tebur lambobi huɗu kawai yake riƙewa. Idan tambaya ta ce wuri biyu bayan ɗigo, 5.64 ce duka.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar tebur, muddin akwai maɓallin `√`, kuma yawancin irin waɗannan suna da shi. Tasa mai lambobi 12 ce. Na ce ya rubuta 50, ya danna `√` sau 15 yana ƙirgawa da baki, sannan ya debe 1. Ya sami kusan 0.000119393, ya rubuta a takarda. Ya share, ya rubuta 2, ya sake danna `√` sau 15 daidai, ya debe 1, ya sami kusan 0.000021153. Da ya raba na farko da na biyu sai ga 5.644.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Duk danna `√` ɗaya yana raba log na lambar gida biyu, yana kuma jawo lambar kusa da 1. Idan lamba ta matso daf da 1, ɗan abin da ta ɗara 1 da shi kusan daidai yake da ln ɗinta. Misali, ln na 1.001 shi ne 0.0009995, kusan 0.001 ke nan. To bayan dannawa 15, abin da ya rage idan an debe 1 shi ne ln 50 da aka raba gida biyu sau 15, haka ma na 2. Tunda an ƙanƙantar da su daidai wa daida, rabon da ke tsakaninsu bai motsa ba. Ƙa'idar sauya tushe ce dai, tef ɗin awon ne aka canza. Shi ya sa dole yawan dannawar ya zama ɗaya a sama da ƙasa. Idan ka yi 15 a ɗaya da 14 a ɗayan, amsar za ta ninka ko ta koma rabi, kuma kimantawar "tsakanin 5 da 6" za ta tona asirin nan take.

Wannan hanyar kusantowa take yi, ba ta bugun amsa cif. Idan dannawar ta yi kaɗan, lambar ba ta matso 1 sosai ba: sau 10 zai ba da 5.653. Idan ta yi yawa, fuskar kalkuletar za ta cika da sifili, lambobi masu amfani su zube ta gefe, har ta kai ka debe 1 ka ga 0. A mai lambobi 12, sau 15 ya yi daidai. A ƙaramar mai lambobi 8, tsaya a sau 12, inda za ka ga 1.0009555 da 1.0001692 ko kusa da haka. Rabon zai ba ka wajen 5.647, sai ka amince da 5.6 ɗin, ka bar sauran lambobin.